Fassarar Katin Kasuwanci Daga Ƙasar Sin: Abin da Ake Fassarawa da Abin da Ake Bari

Gabatarwa

Hausawa sun daɗe a Agege, tun zamanin da fataucin goro da jirgin ƙasa suka haɗa Legas da Arewa. A yau unguwar Oko-Oba ta fi shahara da babbar mayankarta da kasuwar shanun da ke jikinta. Harkar nama kuwa tana jawo sayen kayan aiki, kamar firiza da injin niƙa nama da injin zarton ƙashi, waɗanda galibi daga ƙasar Sin ake shigo da su. Ba kowane ɗan kasuwa ne ke zuwa can da kansa ba. Sau da yawa wani ɗan'uwa ne zai je Guangzhou, wataƙila lokacin baje kolin da aka fara tun 1957, wanda ake yi sau biyu a shekara, ya karɓi katin kamfani, ya ɗauki hotonsa, ya aiko gida ta waya. Daga nan sai a nemi wanda zai fassara.

Irin wannan aiki yakan zo hannunmu mu ɗaliban harshe da ke zaune a unguwannin nan. Ni ɗalibin Hausa ne, Sinancin da na sani kuwa na kati da rasit ne, amma kalmomin da ke yawo a kan katunan ba su da yawa, kuma ana iya koyonsu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne in bayyana yadda ake raba abin da ke kan kati gida uku: sunan mutum, wanda ba a taɓawa, muƙaminsa, wanda ake fassarawa, da sunan kamfani, wanda rabinsa suna ne, rabinsa bayani.

Katin da za mu yi aiki da shi

Domin sauƙaƙe bayani na tsara kati bisa sigar da aka saba gani, na sa alamar ×× a gurbin sunayen da suka keɓanta ga mutum ko kamfani. A fuskar Sinanci akwai layuka biyar:

广州市××贸易有限公司
马×× 业务经理
主营：锯骨机、绞肉机、冷柜
厂家直销
广州市白云区××路××号××大厦8楼805室

A bayan katin kuma, da baƙaƙen boko, an rubuta sunan kamfani “Guangzhou ×× Machinery Co., Ltd.”, sannan “Tony Ma” da muƙamin “Sales Director”.

Abu na farko shi ne a nemi hoton fuskokin biyu. Wanda ya ɗauki hoto yakan zaɓi fuskar Turanci kawai, don ita ce yake iya karantawa, alhali fuskar Sinanci ce ke ɗauke da sunan da hukuma ta sani. Abu na biyu shi ne hoton ya fito tas. Ɗigo guda ne ya raba 王, wanda suna ne da ake karantawa Wang, da 玉, wanda ke nufin wani dutse mai daraja. Idan hasken fitila ya faɗa kan kati mai sheƙi, wannan ɗigo yana iya ɓata, ko kuma ƙura ta yi kama da shi. Duk harafin da bai fito ba, sai a ce a sake ɗauko hoton, kada a cike shi da zato.

Sunan mutum

Hausawa kan ce suna linzami ne. Amfaninsa shi ne idan an kira, mai shi ya waiwayo. A Sinanci sunan gida shi ke zuwa farko, yawanci harafi guda, sannan sunan yanka ya biyo baya da harafi ɗaya ko biyu. A katinmu sunan gidan shi ne 马, ana karanta shi Ma. Kalmar tana nufin doki, kuma suna ne da ya yawaita tsakanin Musulmin Sin ’yan ƙabilar Hui. Haka nan 王 na nufin sarki, 白 na nufin fari, 高 na nufin dogo. Wanda ya buɗe ƙamus ya ga sarki, ya rubuta wa Alhaji cewa mai katin nan sarki ne, ya yi kuskure iri ɗaya da na wanda zai mayar da Malam Dogo zuwa Turanci ya kira shi mai tsawo, ko ya fassara Ɗanladi da cewa yaron Lahadi. Gaskiya ne sunan yana da ma’ana, amma ba ma’anar ce ke aiki a kan kati ba.

To, me ake nufi da barin suna yadda yake, alhali wanda ake yi wa fassarar ba ya karanta harafin Sinanci? Hanyar da nake bi ita ce in rubuta shi sau biyu: da harafinsa na asali, sannan da baƙaƙen boko bisa tsarin pinyin, wanda gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958, kuma shi ake amfani da shi a fasfonsu. Dalilin riƙe harafin asali shi ne sunaye daban-daban suna haɗuwa a rubutun boko. Da 王 da 汪 duk Wang ake rubutawa, da 张 da 章 duk Zhang ake rubutawa. Idan aka jefar da harafin, babu hanyar komawa gare shi daga bokon.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu ɗaliban Hausa, wato son daidaita rubutu da ƙa’idojinmu. An koya mana a aji cewa baƙuwar kalma idan ta shigo Hausa sai ta sa rigar Hausa, shi ya sa muke rubuta manaja da kamfani da injiniya. Wannan ƙa’ida ta kalmomin aro ce, ba ta shafi sunan baƙo ba. Idan kati ya ce Chen, ba za a rubuta Can ba don kawai c ɗin Hausa ce ke ba da wannan sauti. Idan ya ce Zhang, ba za a mayar da shi Jan ba. In ana so a taimaka wa Alhaji da furuci, sai a ƙara layi a ƙasa a ce ana furta shi kusa da kaza, amma rubutun sunan ya zauna daram. Haka kuma idan mai katin ya rubuta sunansa Wong ko Chan, kamar yadda ’yan Hong Kong ke yi bisa furucin harshen Kanton, ba aikin mai fassara ba ne ya gyara masa zuwa Wang ko Chen. Yadda mai suna ya rubuta, shi ne daidai.

Wasu haruffan kuma furucinsu yana sauyawa idan sun zama suna. Harafin 区 a adireshi ana karanta shi qu, ma’anarsa gunduma, amma idan sunan gida ne sai a ce Ou, kuma ana samun masu wannan suna a lardin Guangdong, inda Guangzhou take. Haka 单, wanda aka saba karantawa dan, yana komawa Shan a matsayin suna. Don haka idan fuskar Turanci ta ba da rubutun sunan, ita za a bi.

Sai maganar “Tony”. Da yawa daga masu hulɗa da baƙi a Sin suna zaɓar wa kansu sunan Turanci don sauƙin kira. Wannan laƙabi ne, kuma ba lallai ne a same shi a takardun mutumin na hukuma ba. A fassarata nakan rubuta shi yadda yake, in ƙara da cewa sunan kira ne. Alhaji yana iya kiransa da shi a waya, amma idan za a rubuta yarjejeniya ko wasiƙar neman biza, cikakken sunan da ke fuskar Sinanci ake buƙata.

Muƙami

Nan ne fassara ta gaskiya take, kuma nan ne kuɗi ke iya salwanta. Abin da ɗan kasuwa yake son sani ba ya wuce wannan: shin mai katin nan maganarsa tana ɗaure kamfani ko kuwa sai ya tambayo na gaba da shi?

Muƙamai huɗu ne aka fi gani. 董事长 shi ne shugaban hukumar daraktoci. 总经理 shi ne babban manaja, mai gudanar da kamfani yau da kullum. 经理 manaja ne kawai, kuma yawanci akwai kalma a gabansa da ke faɗin sashensa. 业务员 kuwa ma’aikacin sashen ciniki ne, mai nemo masu saye. Katinmu ya ce 业务经理, wato manajan ciniki. A ƙananan kamfanoni akan ba ma’aikacin ciniki wannan muƙami don ya yi kwarjini a idon baƙo, ko da babu kowa a ƙarƙashinsa. Ga shi kuma fuskar Turanci ta ɗaga shi zuwa darakta. Idan fuskokin biyu suka saɓa haka, ba na zaɓar ɗaya in ɓoye ɗaya. Nakan rubuta cewa Sinanci ya ce manajan ciniki, Turanci ya ce daraktan sayarwa, in bar mai kaya ya auna.

Matsalar da ta fi wannan ita ce kalmomin Hausa da suke zuwa baki da sauri. Mutum zai so ya fassara 业务员 da dillali, ya fassara 总经理 da maigida. A kara kuwa, irin ta Oko-Oba, waɗannan kalmomi suna da nauyi na musamman. Dillali mutum ne mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ya karɓi la’ada, ba ɗan albashin kamfani ba ne. Maigida kuma shi ne mai saukar da fatake, wanda yake tsaya musu, kuma yake lamunce bashin da aka ba mahauta. Masanin nan Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan. Idan na ce wa mutumin kara wane maigida ne, abin da zai ji shi ne wane yana da dukiyar, kuma idan kaya suka lalace shi zai biya. Babban manaja kuwa yana iya zama ɗan albashi da ba shi da ko sisi a jarin kamfanin. Idan kuma na ce dillali, zai ɗauka akwai la’ada a cikin farashi, ya fara neman hanyar tsallake shi zuwa mai kaya, alhali mutumin ma’aikacin mai kayan ne. Saboda haka kalmar aro, wato manaja, ta fi amana a nan, tare da ɗan bayani a gefe.

Ya kamata mai fassara ya san wani muƙami da ba kasafai ake sa shi a kati ba, wato 法定代表人, wakilin kamfani a gaban shari’a. Sunansa yana kan lasisin kasuwanci, kuma shi doka ta amince ya yi magana da yawun kamfanin. A Sin hatimin kamfani ma yana da ƙarfi sosai wajen tabbatar da yarjejeniya. Don haka babu muƙamin da ke kan kati da zai ɗauke wa mai saye neman ganin lasisi da hatimi.

Wani abin lura shi ne Sinawa suna manna muƙami a bayan sunan gida, saɓanin mu da muke sa Alhaji ko Malam a gaba. Idan wani ya rubuta 马总 da biro a gefen kati, ko aka ga hakan a saƙo, wannan ba suna ba ne mai haruffa biyu. Ma shi ne sunan, 总 kuwa gajarta ce ta babban manaja, kuma ana amfani da ita don girmamawa ko da mutum bai kai matsayin ba. Haka 马工 na nufin Injiniya Ma. Wanda bai san wannan ba zai rubuta Ma Zong a matsayin cikakken suna, ya riƙe abin da ya kamata ya fassara.

Sunan kamfani da bayaninsa

Sunan kamfani a Sin yawanci gaɓa huɗu gare shi, a jere: wurin rajista, sunan da kamfanin ya raɗa wa kansa, irin sana’arsa, da nau’insa a shari’a. A katinmu 广州市 shi ne birnin Guangzhou. Gurbin ×× shi ne sunan raɗi, kuma hukuncinsa ɗaya da na sunan mutum: ko da yana nufin zinariya ko albarka, ba a fassara shi. 贸易 na nufin saye da sayarwa. 有限公司 kuwa shi ne abin da muke kira limitad, wato kamfanin da alhakin masu shi bai wuce jarin da suka yi alƙawarin zubawa ba.

Gaɓa ta uku ita ce ta fi amfani ga mai saye. Sinanci ya ce kamfanin saye da sayarwa ne, Turanci kuwa ya ce na injuna ne. Hakan na faruwa domin sunan da ke rajista shi ne na Sinanci, na Turancin kuwa kamfani ne ke zaɓar wa kansa. Layi na huɗu, 厂家直销, yana cewa ana sayarwa kai-tsaye daga masana’anta. Wannan talla ce, kuma a matsayin talla za a fassara ta, a ce katin yana cewa kaza. Sai adireshi: 大厦 dogon gini ne, 8楼 hawa na 8, 805室 ɗaki mai lamba 805, a gundumar Baiyun. Masana’antu kuwa an fi ganin 工业区 a adireshinsu, wato yankin masana’antu. Alamu biyu ke nan, sunan rajista da adireshi, suna nuna ofishin ciniki, yayin da talla da Turanci suke nuna masana’anta.

Amma a nan akwai iyaka. Waɗannan alamu ba hujja ba ne cewa an yi ƙarya. Masana’anta tana iya buɗe kamfanin ciniki na daban a cikin gari don fitar da kayanta. Kuma sayen kaya daga kamfanin ciniki ba laifi ba ne, wani lokaci ma ya fi sauƙi ga mai sayen inji biyu ko uku. Aikin mai fassara shi ne ya nuna saɓanin, ba ya yanke hukunci ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a nemi hoton lasisi, wato 营业执照. Tun 2015 ake sa wa lasisi lambar rajista mai gurbi 18, kuma ana iya bincika kamfani a shafin gwamnati na gsxt.gov.cn da wannan lamba ko da sunansa na Sinanci. A can akwai sashen 经营范围, mai lissafa abin da kamfanin ya yi rajistar yi. Idan akwai 生产 ko 制造 a ciki, to ƙera kaya na cikin aikinsa. Mai karatu zai ga cewa duk wannan bincike ba zai yiwu ba idan an fassara sunan an jefar da asalinsa.

Layi na uku shi ne mafi sauƙi, amma yana son sanin sana’a. 主营 na nufin manyan kayan da ake sayarwa. 锯骨机 injin zarton ƙashi ne, 绞肉机 injin niƙa nama, 冷柜 kuwa firiza. Kada a haɗe na farko da na biyu a ce injin yanka nama, domin mahaucin da ke son raba ƙashin saniya ba zai yi komai da injin niƙa ba, kuma akwai wani inji daban, 切肉机, wanda shi ne na yanka nama. Idan ban tabbatar da sunan da masu sana’a ke kiran abu ba, nakan bayyana aikinsa da jimla guda.

Adireshi, kamar suna, ana bayyana shi ne amma ba a musanya shi. Na Sinanci yana farawa daga babba zuwa ƙarami: birni, gunduma, titi, lamba, gini, ɗaki. Direban tasi a Guangzhou harafin zai karanta, don haka asalin layin ya kasance a takardar.

Yadda fassarar take fita

Idan an gama, abin da nake miƙa wa mai kaya bai wuce rabin shafi ba. Ga sigarsa:

Suna: 马××, Ma ××. Ma ne sunan gida. Sunan kira: Tony.
Muƙami: manajan ciniki a Sinanci, daraktan sayarwa a Turanci. Katin bai ce shi ne mai kamfanin ba.
Kamfani: 广州市××贸易有限公司. Kamfanin saye da sayarwa ne, limitad, mai rajista a Guangzhou.
Kaya: injin zarton ƙashi, injin niƙa nama, firiza.
Talla: katin yana cewa kai-tsaye daga masana’anta.
Adireshi: ɗaki na 805, hawa na 8 na wani gini a gundumar Baiyun.
Abin lura: a nemi hoton lasisi kafin a aika kuɗi.

Nakan ƙara gargaɗi ɗaya da baki. Sunan da za a rubuta a takardun banki da na shigo da kaya ba daga fassarata za a ɗauko shi ba, daga takardar farashin da kamfanin ya aiko za a kwafe shi harafi da harafi. Idan kuma asusun da aka bayar yana ɗauke da sunan mutum ko sunan wani kamfani daban, to a dakata a tambayi dalili.

Kammalawa

Wannan ƙa’ida ba ta tsaya ga Sinanci ba. Katin da ya zo daga Yamai ko Maraɗi ko Kwatano yana iya ɗauke da Ousmane ko Aboubacar, kuma hannun ɗalibin Hausa zai so ya gyara su zuwa Usman da Abubakar. Haka sunan yake a katin shaidar mai shi, don haka haka za a bar shi, amma a fassara “gérant” da manajan da ke gudanar da kamfani, a bayyana SARL da cewa ɗan’uwan limitad ne. Katin Larabci daga Dubai mai sunan Haddad ba ya nufin mai shi maƙeri ne. Idan kuma mu ne muke fassara katin ɗan Oko-Oba ga baƙo, to Sarkin Fawa muƙami ne da za a bayyana, Sarki kuwa idan sunan mutum ne sai a bar masa abinsa. Tambayar da nake yi wa kowace kalma a kan kati ita ce: da wannan ake kiran mutumin ko nemo kamfanin, ko kuwa tana faɗin abin da suke yi ne? Ta farko ana kwafe ta, ta biyu ana fassara ta, wadda aka kasa tantancewa kuma a koma ga mai katin a tambaye shi, tunda matambayi ba ya ɓata.